Takardar da Ake Mannawa a Soro: Yi wa 'Yan Haya Maganar Hayaniyar Dare

Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya a Kano, ko Kaduna, ko Zariya, ya san irin takardar nan. Ana wayar gari sai a gan ta manne a ƙofar soro, an yago ta daga littafin ɗan makaranta, an rubuta da manyan baƙaƙe: "Sanarwa! Masu hana mutane barci da daddare su ji tsoron Allah. In kunne ya ji, jiki ya tsira." Babu sunan wanda ya rubuta, babu kwanan wata, ba a kuma faɗi abin da za a daina ko daga ƙarfe nawa za a daina shi ba. Kafin azahar an yage ta. Da daddare hayaniya tana nan yadda take, sai ma ƙari da aka samu: yanzu kowa yana zargin kowa, mata sun daina gaisawa a bakin famfo, samarin da ake nufi kuma sun ɗaura ɗamarar gano wanda ya yi musu habaici.

Wanda ya rubuta takardar yana da gaskiya, don barcinsa ake hana shi. Sai dai gaskiya ita kaɗai ba ta sa a ji magana. Saƙon da ake aika wa mutanen gida ɗaya a kan hayaniyar dare yana da nasa tsari, kuma mafi yawan aikinsa tun kafin a ɗauki biro ake gama shi.

Mu ɗauki gida ɗaya mu bi shi daki-daki, irin gidajen da ake samu a Kurna ko Fagge ko Sabon Gari. Ɗakuna 12 ne, shida suna kallon shida, da siririn tsakar gida a tsakani. Ƙofar shiga ɗaya ce, ta ƙarfe, makewayi da wurin wanka suna can ƙarshe. A ciki akwai mai ƙosai da ke tashi ƙarfe 4 na asuba ta kai markaɗe, akwai direban motar haya da ke ɗaukar hanyar Abuja da an sallame sallar asuba, akwai mai jego, akwai dattijo mai hawan jini, sannan a ɗakin farko, daf da ƙofa, akwai samari biyu yaran shago a Kantin Kwari. Su ne masu talabijin da dish da ɗan ƙaramin janareta. Ranakun Talata da Laraba, in ana Gasar Zakarun Turai, abokansu sukan cika ƙofar ɗakin, a fito da benci da tabarma. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris ƙarfe 9 na dare ake take babban wasan a agogon Najeriya, sauran watanni kuma ƙarfe 8. Ke nan a lokacin sanyi ba a tashi wasa sai wajen 11. Daga nan kuma a dasa musu: wane ya fi wane, alƙalin wasa ya ci amana, a dafa shayi, har ɗayan dare.

In ka tambayi mutanen gidan me ke damunsu, kowa zai ce "hayaniya". In ka zauna da su ɗaya-ɗaya kuwa, sai ka tarar ba abu ɗaya suke nufi ba. Mai ƙosai janareta ne matsalarta, don a gindin tagarta ake ajiye shi. Direba bai damu da janareta ba, ya saba barci da ƙarar inji. Abin da ke firgita shi daga barci shi ne ihun "ta shiga!" da kuma baburan da ake tayarwa a cikin soro ƙarfe ɗayan dare. Mai jego ƙofar ƙarfen nan ce ke tayar mata da jariri duk lokacin da aka banko ta. Magidanta biyu kuma ba ma ƙarar ce a gabansu ba, baƙin samarin da ke ratsa tsakar gida su wuce ta ƙofar ɗakunan matansu zuwa makewayi, shi ne abin da ke cinsu a rai, sai dai suna jin nauyin faɗa.

Wannan bambancin shi ne mabuɗin aikin. Wanda aka ce wa "daina hayaniya" yana jin an ce ya daina rayuwa: kada ya kalli ƙwallo, kada ya yi baƙi, a ɗakin da yake biya da guminsa. Dole ya turje. Wanda aka ce wa "matsar da janareta bayan makewayi, kuma a tura babur waje kafin a tayar" kuwa an ba shi aikin da zai iya yi gobe ba tare da ya rasa komai ba. Saboda haka matakin farko shi ne mutum ɗaya ya riƙe ɗan littafi na mako biyu, ya riƙa rubuta rana, da lokacin da abin ya fara, da lokacin da ya ƙare, da abin da ya yi ƙarar. Ba don kai ƙara ba tukuna. Amfaninsa shi ne ya raba abin da ya faru da abin da fushi ya ƙara. Sau da yawa mai cewa "kullum ne, kullum" in ya duba littafin sai ya ga dare huɗu ne a cikin 14, kuma ɗaya daga ciki ma ba samarin ba ne, rediyon dattijo ne da barci ya kwashe shi ya bar ta a kunne.

Akwai kuma abin da mai hayaniya bai sani ba, kuma ba ƙarya yake yi ba in ya ce "ai ba mu ɗaga murya ba". Ginin irin waɗannan gidaje ba ya tare sauti. Bulo ne mai rami, ɗan inci shida, wani lokacin ma bangon da ke tsakanin ɗaki da ɗaki bai kai rufi ba, silin kwali ne ko babu shi sam, don haka magana ta sama take tsallakawa. Tsakar gidan da bango ya saka a tsakiya kuma amsa-kuwwa yake yi, ya kai muryar bakin ƙofa har ƙuryar gida. Kiɗa mai dukan ƙirji, wato mai kauri, ya fi kowane sauti ratsa bango, shi ya sa maƙwabci ba ya jin waƙar, sai dai dum-dum ɗin da ke hana shi runtsawa. Ga shi da rana hayaniyar titi da ta injin markaɗe da ta yara suna rufe komai, da dare kuwa gari ya yi tsit, muryar da ba a ji da azahar sai ta zama kamar a kunnenka ake yi. A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, abin ya fi muni, don ba mai iya rufe taga, wasu ma a tsakar gidan suke shimfiɗa.

Masana suna auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Raɗa tana wajen 30, hirar mutum biyu da ke kusa da juna wajen 60, kuma duk ƙarin 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar sau biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar da ke cikin ɗakin barci ta wuce 30 da dare. A Najeriya ma akwai ƙa'ida. A shekarar 2009 gwamnatin tarayya ta fitar da dokokin taƙaita hayaniya, waɗanda hukumar kula da dokokin muhalli ta NESREA, da aka kafa a 2007, take da alhakin tabbatar da su. A cikinsu dare yana farawa ne daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe, kuma iyakar da aka sa wa gidajen zama ita ce 50 da rana, 35 da dare. Unguwar da gidaje suka cakuɗa da shaguna an ɗan sassauta mata zuwa 55 da 45.

Kada mai karatu ya ɗauka wani jami'i zai zo gidansu da na'ura ƙarfe 12 na dare. Da wuya. Amfanin wannan doka ga ɗan haya ɗaya ne, amma babba ne: ta ba shi lokacin da ba shi ya ƙirƙira ba. In an ce "daga ƙarfe 10", ba wanda zai ce ai don Hajiya tana barci da wuri ne aka takura wa kowa. Game da awo kuwa, akwai hanyar da ta fi na'ura sauƙi a gidan haya. A roƙi ɗaya daga cikin samarin ya shiga ɗakin maƙwabcinsa, a rufe ƙofa, abokansa su ci gaba da hira yadda suka saba. In yana iya gane abin da suke faɗa kalma-kalma, to magana ta ƙare, ya ji da kunnensa. Na fi yarda da wannan gwajin a kan doguwar nasiha.

Kafin a rubuta wa kowa da kowa, sai an fara ganin mai abin shi kaɗai. Tsallake wannan matakin shi ne ke kashe mafi yawan saƙonni. Bahaushe ya ce wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. To, a gida mai ɗaki 12 wanda aka zaga ma ya sani, sauran mutane 11 ma sun sani. Takardar da ta ce "wasu mutane" ba ta rufa wa kowa asiri ba, tozarci ne a bainar jama'a da aka lulluɓe da mayafi. Saurayin da ya fara jin laifinsa daga jikin bango zai ce, da gaskiyarsa, "Me ya hana a same ni?"

Kuma ba a samunsa a tsakiyar abin. Fitowa ƙarfe ɗayan dare da ɗaurin ƙirji ko gajeren wando, ido ya yi ja, a yi masa tsawa gaban abokansa, ba ya haifar da komai sai rashin kunya, don ba zai yarda a ga an tanƙwara shi ba. Da safe ake yi, ko bayan la'asar, kuma wanda yake jin nauyinsa ne zai yi. In akwai kiyataka, wato wanda mai gida ya wakilta yana karɓar haya da kuɗin wuta, shi ya fi dacewa. In babu, sai dattijon gidan. Maganar ba ta da tsawo:

"Ɗana, zo mana in ɗan gan ka. Ya kasuwa? Jiya wa ya ci ne, na ji gidan ya ɗauka?"

"Wallahi Baba, mu aka ci."

"Allah ya ba da sa'a gaba. Wata alfarma nake nema. Injin nan naku a gindin tagar Maman Yara yake, ita kuwa ƙarfe huɗu take tashi. Da za a mayar da shi baya, ni zan nemo ƙarin waya. Sannan in an tashi wasa, a ƙarasa musun a wajen mai shayi."

"Ai Baba ban san yana damunta ba. Da kun faɗa tuntuni."

Ko da gaske bai sani ba, ko kara ce kawai ya yi, duk ɗaya ne, an ba shi ƙofar fita da mutuncinsa. A nan ne kuma ake gaya masa cewa za a rubuta takarda ga kowa, a tambaye shi ko akwai abin da shi ma yake so a saka. Kusan kullum akwai. Zai ce yara suna buga ƙwallo a jikin ƙofarsa ƙarfe 6 na safiyar Lahadi, ko ana daka a gindin bangonsa tun duku-duku. A saka. Takardar da ta ɗaure bangare ɗaya kawai hukunci ce, wadda ta ɗaure kowa, har da wanda ya rubuta, ita ake kira yarjejeniya.

Ga yadda saƙon wannan gida zai iya kasancewa:

"Assalamu alaikum. Zuwa ga dukkan mazauna wannan gida, iyayenmu da 'yan'uwanmu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna sanar da ku abin da aka tattauna da yardar mai gida game da dare. A cikinmu akwai masu fita aiki tun asuba, da mai jego, da marasa lafiya, kuma a makonnin nan an sha kaiwa ƙarfe ɗayan dare ba a samu barci ba. Don haka daga ranar Asabar mai zuwa muna roƙon a kiyaye waɗannan:

Daga ƙarfe 10 na dare zuwa kiran sallar asuba, a rage talabijin da rediyo da waya yadda ba za a ji su a ɗakin maƙwabci ba. Ranar da ake ƙwallo an yarda a kai ƙarshen wasa, amma da an tashi baƙi su tafi, hira ta koma waje.

Kowane janareta a ajiye shi a filin bayan makewayi, a sarari, kada a shigar da shi ɗaki ko soro. A kashe shi ƙarfe 11.

Mai shigowa ko fita da babur bayan ƙarfe 10 ya kashe shi a waje ya turo. A riƙe ƙofa da hannu a rufe.

Baƙo namiji ba zai wuce soro bayan isha'i ba sai da rakiyar mai masaukinsa.

Daka da wasan yara a tsakar gida sai bayan ƙarfe 7 na safe.

Mai biki ko suna ko wani taro ya sanar da kiyataka kwana uku kafin ranar, za a yi masa uzuri. Rasuwa da rashin lafiya ba sa bukatar sanarwa.

Wanda aka dama kada ya fito faɗa, ya gaya wa kiyataka da safe. Za mu zauna ranar Lahadi ta ƙarshen wata bayan la'asar mu ga abin da ya gyaru da abin da za a sauya. Wanda yake da gyara ya kawo kafin Asabar. Allah ya bar zumunci, ya ba mu haƙurin zama da juna."

A ƙasa sai kwanan wata, da sa hannun kiyataka, da na mutum biyu daga cikin 'yan haya, kuma zai yi kyau ɗayansu ya kasance cikin samarin nan.

A lura da abin da babu a ciki. Babu sunan kowa, babu lambar ɗaki. Babu "marasa tarbiyya", babu "an mayar da gida tasha", babu barazanar kora. Babu kuma zargin abin da ba a gani ba. Wannan na ƙarshen yana da haɗari ƙwarai, domin abu ne mai sauƙi mai fushi ya zarce daga "suna hana mu barci" zuwa "shaye-shaye suke yi" ko "mata suke kawowa". Da zarar an rubuta haka, magana ta tashi daga hayaniya ta koma ƙazafi, wanda aka yi wa kuma yana da damar kai ƙara, sai mai neman barci ya koma mai neman belin kansa. In da gaske akwai abin da ya wuce hayaniya, wannan ba maganar jikin bango ba ce, ta mai gida ce da mai unguwa.

Da gangan kuma aka bar wa'azi a waje. Ba wai don addini bai yi magana ba. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta lissafa maƙwabci na kusa da na nesa cikin waɗanda aka yi umarnin kyautata wa, aya ta 58 a Suratun Nur kuma ta keɓe lokuta uku na sirrin iyali, ciki har da bayan sallar isha'i. Saurayin nan ya san wannan tun yana makarantar allo. Amma in aka jera masa ayoyi a takardar da kowa ya san da shi take, abin da zai ji shi ne ana tuhumar imaninsa. Nasiha irin wannan a bakin dattijo take da daɗi, su biyu, a kan tabarma. Balle a gidajen da Musulmi da Kirista suke zaune tare, inda ƙa'idar ƙarfe 10 dole ta hau kan kowa daidai: mai sauraron karatu ko wa'azi a lasifika da mai addu'ar dare da waƙoƙin coci duk ma'auni ɗaya ne. Ranar da aka ɗaga wa ɗaya ƙafa aka taka ɗaya, takardar ta mutu, kuma abin da zai biyo baya ya fi hayaniya muni.

Sassaucin da ke cikin saƙon ma ba rauni ba ne. Dokar da ta ce a kashe talabijin ƙarfe 10 alhali wasa sai 11 yake tashi, tun daren Talatar farko za a karya ta, kuma dokar da aka karya sau ɗaya aka yi shiru ta zama labari. Gara a ba da awa ɗayan nan a rubuce, a riƙe abin da ya fi ciwo, wato musun bayan wasa da babura. Haka watan azumi: gari ba ya barci da wuri, ana dawowa daga asham da tahajjud, mata suna tashi girkin sahur tun wajen ƙarfe 3. Ba a auna Ramadan da ma'aunin sauran watanni, sai a zauna kafin ya kama a sake tsara lokutan.

Layin nan na janareta yana bukatar a tsaya a kansa, domin a nan ne gyara yake iya zama ɓarna. Mutumin da aka matsa wa lamba a kan ƙarar injinsa, dabarar farko da ke zuwar masa ita ce ya shigar da shi soro ya rufe, ko ya kai shi lungun ɗaki, ko ya kife shi da kwali da bargo. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya ma farkawa. An sha wayar gari a Najeriya a tarar da iyali guda sun rasu a ɗaki ta wannan hanya. Don haka duk saƙon da ya ce a rage ƙarar inji, wajibi ne ya faɗi inda za a kai shi, kuma wurin ya zama sarari, nesa da tagogi, bakin salansa yana kallon waje. Nisa ma kanta magani ce, domin a fili duk lokacin da aka ninka tazara ƙarar tana sauka da kusan desibel 6. In aka ɗora injin a kan tsohuwar taya ko katako mai kauri, girgizar da ke bin siminti ta shiga ɗakuna tana raguwa, salansa da ta fashe kuma a kai wa mai gyara. Kuɗin ƙarin waya bai taka kara ya karya ba, in waɗanda ake damu suka haɗa suka saya, sun sayi barcinsu da araha.

Sai yadda za a isar da saƙon. Mannawa a soro kawai ba ta isa ba, don ba kowa ke karatun boko ba, wanda bai iya ba kuma zai ji ta ne daga bakin wani, da ƙarin gishiri. Kiyataka ya bi ɗaki-ɗaki ya miƙa, ya karanta wa wanda ke bukata, matan aure kuma a bi ta hannun mazajensu ko a sa babbar mace a gidan ta yi musu bayani. Inda akwai waɗanda ba sa jin Hausa sosai, a yi musu da harshen da suke ji, kuma ma'anar ta zama ɗaya. In gidan yana da zauren WhatsApp, a tura hoton takardar bayan an gama zagayen, ba kafin nan ba, kuma da rana. Saƙon murya na minti bakwai da aka ɗauka ƙarfe biyun dare cikin huci, shi ne kishiyar duk abin da muke faɗa. Ana tura shi gaba, ana ajiye shi, wata rana a kunna wa mai shi a gaban mai unguwa.

Ta yaya za a gane ko saƙon ya kama? Ba a makon farko ake ganewa ba, don makon farko kowa yana kaffa-kaffa. A mako na uku ake duba littafin nan. In an samu dare ɗaya ko biyu da aka zarce, amma da aka yi magana da safe aka ba da haƙuri, to abin yana tafiya, haka zaman mutane yake. Alamar lalacewa daban take: a daina gaisawa, a riƙa ƙure kiɗa daidai ƙarfe 10 don a nuna ba a isa ba, ko masu ƙorafi su fara ramuwa da buga bokiti da asuba a ƙofar samari. In an kai nan, takarda ta biyu ba ta da amfani. Sai a tafi ga mai gida da littafin da kwafen takardar farko, shi kuma ya rubuta wa mutumin shi kaɗai, da sunansa, a cikin ambulan. In ta faskara, mai unguwa yana nan, kuma sulhunta irin wannan rigima aikinsa ne na yau da kullum. A Kano mutane sukan kai wa Hisba ma ta sasanta. 'Yan sanda na ranar da aka kai ga barazana ko duka ne, domin wanda ka sa aka kwana da shi a caji ofis gobe ma da shi za ka yi layin makewayi.

Abin da ba a yi, komai zafin rai, shi ne ɗaukar doka a hannu. Ba a yanke wa mutum waya, ba a zuba wa injinsa ruwa ko yashi, ba a kuma garƙame ƙofar gida da kwaɗo a riƙe makulli ɗaya. Gida mai ƙofa ɗaya in gobara ta tashi ko naƙuda ta zo cikin dare, wannan kwaɗon sai ya zama ajali. In za a riƙa kullewa, kowane ɗaki ya samu nasa makulli. Shi ma mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko kwance rufi ko watso kayan ɗan haya waje. A dokar Abuja da ta jihohi da dama, in yarjejeniyar haya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai biyan shekara kuma wata shida, bayan wa'adin ya cika a ƙara masa na kwana bakwai, sannan a je kotu, ita ce mai fitarwa. Hanya ce mai tsawo, shi ya sa barazanar "za a kore ka gobe" ba ta tsorata ɗan hayan da ya san kan abin.

Masu gidaje da dillalai su ne za su iya rage wa kowa wannan wahala. Yawancin takardun haya a garuruwanmu, in ma an yi su, kuɗi da ranar biya kawai suke faɗa. Ku ƙara layi uku: lokacin da ake yin shiru, inda ake ajiye janareta, da ƙa'idar baƙi da taro. Ku karanta wa mai neman ɗaki kafin ya biya, ya sa hannu kafin ku miƙa masa makulli.